Launi Ba Ya Magana

Mu malamai uku ne mu ke duba littafin da kowane ɗalibi ya ke rubutawa a shekararsa ta ƙarshe, yanzu kuwa ba a takarda ya ke zo mana ba, sai a PDF. Kowa ya buɗe nasa a Acrobat, ya yi ta aiki. Inda magana ta karkace sai a shafa mata launin rawaya, watau Highlight. Inda kuwa a ke da ta cewa sai a manna 'yar takarda a gefe, Sticky Note ke nan, a rubuta a ciki.

To, ga littafi mai shafi 40, ga mutum uku kowa da kwafinsa. Ba daidai ba ne a ce yaro ya bi shafi 120 yana farautar gyara. Saboda haka abokan aikina kowa ya kan fitar da gyaransa kaɗai da Export All To Data File, ya aiko mini ɗan fayil na FDF. Ni kuma in shigar da su cikin nawa da Import Data File. Amma lalle kwafin ya zama iri ɗaya. In ɗalibi ya ƙara shafi guda a tsakani, gyaran shafi na 12 zai sauka a kan maganar da ba ita a ke nufi ba. Sa'an nan in danna Create Comment Summary, sai ga sabuwar takarda, gyara duka a jere shafi bayan shafi, da sunan mai shi da rana.

A nan ne na kan gane wanda ya yi aiki. Wani malami ya kan shafa rawaya wuri ashirin bai rubuta ko kalma ba. A cikin jerin kuwa ba abin da za a gani sai sunansa da Highlight da kwanan wata, sau ashirin. Ɗalibi ya koma shafin, ya tarar da launi. Shin yabo ne, ko kuskure? Oho.

Akwai rabin magani. A cikin Preferences, ƙarƙashin Commenting, a sa alama a layin da ya fara da Copy selected text into Highlight. Daga nan duk abin da aka shafa zai fito cikin jerin. Sai dai a yi haka tun kafin a soma, gama ba ya komawa kan launin da aka riga aka shafa. Har wa yau, in littafin hoton shafi ne aka ɗauka, babu harafin da zai kwafa.

Sauran rabin yana hannun malami. Ni dai in na shafa, na kan rubuta abin da na ke so a yi: “Kawo shekarar,” ko “Wannan ya saɓa wa shafi na 7.” Ranar da ɗalibi ya zo, jerin nan mu ke bi, yana soke su ɗaya ɗaya da fensir.