Sakin layi na biyu: sabuwar shaida, ƙaramar gogewa

A wasiƙar neman aiki, sakin layi na farko gaisuwa ce da ambaton gurbin da ake nema. Na biyu shi ne wurin da ake faɗuwa, musamman ga wanda takardar shaidarsa sabuwa ce fil, hannunsa kuwa bai daɗe a sana'a ba.

A ɗauki saurayi daga unguwar Sabonjida a Tamale, wanda ya yi wata takwas yana koyon wayarin a hannun maigidansa, sannan ya ci jarrabawar Hukumar Makamashi ta Gana a ajin wayarin na gidajen zama. Yana neman aiki wurin wani ɗan kwangilar gine-gine. Da Turanci za a miƙa wasiƙar, domin shi ne harshen ofis a Gana, amma da Hausa ya fara tsara ta, kuma tun a nan lahaninta ya bayyana: "Na samu satifiket kwanan nan. Duk da ba ni da gogewa sosai, ni mai ƙwazo ne, kuma ina roƙon a taimaka a gwada ni."

Wannan lafazi na ladabi ne, kuma da a zaure aka faɗe shi gaban dattijo da ya yi daidai. Amma manaja mai tarin wasiƙu a gabansa bai ƙaru da komai ba. Bai san wa ya ba da shaidar ba, bai san me aka gwada ba, kuma abu ɗaya tak da aka tabbatar masa shi ne rashin gogewa. "Ƙwazo" kuwa kalma ce da kowa ke iya rubutawa.

Abin da saurayin ya manta shi ne shaidarsa tana da amfani ga manajan kansa. Dokar wayarin ta Gana ta 2011 (lambarta 2008, kada a ɗauke ta shekara) ta tanadi cewa mai shaidar hukuma ne zai yi wayarin ɗin gini kafin a jona masa wuta. A Tamale kamfanin NEDCo ne ke jona wutar. Ke nan ɗan kwangilar da ya gama gida yana buƙatar mutumin da hukuma ta yarda da aikinsa, in ba haka ba maganar mita ta tsaya. Wannan buƙata ita ce ya kamata sakin layin ya taɓa. Ga yadda zai iya kasancewa:

"A bana na ci jarrabawar Hukumar Makamashi a ajin wayarin na gidajen zama, wadda ta haɗa rubutu, aikin hannu da tambayoyin baka. Wannan shaida ta ba ni izinin yin wayarin ɗin gidajen da kamfaninku ke ginawa yadda za a jona musu wuta bisa doka. Kafin jarrabawar na yi wata takwas ƙarƙashin wani ƙwararre, inda na ja waya, na kafa akwatin rarraba wuta, na kuma gwada wayar da ke sauke wuta ƙasa a gidaje uku. Ban taɓa jagorantar aiki ni kaɗai ba, saboda haka ina neman in fara ƙarƙashin babban ma'aikacinku."

Ɗalibin Hausa ya dubi aikatau: na ci, na ja, na kafa, na gwada. Duk shuɗaɗɗen lokaci ne, abin da ya riga ya auku, wanda ana iya zuwa a gani da ido. Tsarin farko ya dogara ne da siffanta kai da kuma roƙo. Haka nan "wata takwas" da "gidaje uku" ƙananan adadi ne, amma sun fi "gogewa kaɗan" nauyi, domin mai karatu ya san iyakarsu. An ambaci giɓin sau ɗaya, a jimlar ƙarshe, tare da hanyar cike shi, ba a buɗe da shi ba.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen. Hukumar ta raba shaidar aji-aji: na gidajen zama, na wuraren kasuwanci, na masana'antu. Wanda ya rubuta "ƙwararren ma'aikacin lantarki mai lasisi" bai faɗi ajinsa ba, ya bar manaja ya zaci abin da babu, alhali ajin gidajen zama bai kai shi injin sarrafa man kaɗanya ko na casar shinkafa ba. Asirin ba ya daɗewa: za a nemi ganin katin, ajin kuma a rubuce yake. Haka adadin gidajen. In uku ya rubuta, ya shirya faɗin unguwar da kowanne yake, da kaurin wayar da ya ja wa soket da wanda ya ja wa fitila, domin manajan da ya san aiki daga 2.5 da 1.5 zai fara tambaya, sannan ya nemi lambar wayar maigidan da ya koyar da shi.