Takardar lissafin karatu: abin da muka koya game da ranar da aka yi fashi

Wasu daga cikinku sun sha tambayarmu yadda muke yi da takardar nan da muke rubuta karatunmu na kullum, musamman da suka ga ba mu daina ba duk da abin da ya same mu a Galtimari. Mun ga ya dace mu ba da labarin yadda abin ya faro, da kuskuren da muka yi tun farko, domin wanda zai gwada kada ya faɗa ramin da muka faɗa.

A farkon shekarar 2024 ne mu goma sha huɗu muka yi alkawarin kowa zai riƙa karanta shafi goma a kullum, daga kowane littafi ya ga dama. Muka buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya gama sai ya rubuta kwana nawa ya jera bai yi fashi ba. Wanda ya tsallake rana guda, lissafinsa ya koma sifili, kuma sai ya rama shafukan da ya bari. A makon farko abin gwanin sha'awa. Kafin wata ya ƙare, saura mu biyar ke magana a zauren.

Da muka bi waɗanda suka yi shiru muna tambaya, ba wanda ya ce karatun ne ya gundure shi. Wani ya jera kwana goma sha bakwai, sai ɗansa ya kwana da zazzaɓi, washegari ya ga dole ya rubuta sifili a gaban jama'a, sai kunya ta hana shi. Wata kuma bashin ne ya kore ta. Ku lissafa da kanku: mai shafi goma a rana, in ya yi fashin kwana uku, ranar da ya dawo shafi arba'in ke jiransa. Mutumin da goma ta gagare shi jiya, ina zai iya arba'in yau? Sai ya ce bari sai ranar da ya samu sarari, ranar kuwa ba ta zuwa, bashin na ta ƙaruwa. Nan muka gane cewa tsarinmu ne ya kori mutane, tun da ya mayar da fashin rana ɗaya kamar rushewar komai.

Wani ɗan'uwa mai shago ne ya kawo mana mafita ba tare da ya sani ba. Ya ce, "Sakatare, kai ma dai! Mai zubin adashi na kullum in ya tsallake rana, an taɓa goge masa abin da ya tara? Ai gurbin ranar kawai ake bari, gobe ya ci gaba da zubi." Wannan magana ce ta sa muka sake tsarin gaba ɗaya.

Ga yadda takardar take yanzu. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, shafi guda ga kowane wata, layi guda ga kowace rana. Mun raba shafin gida huɗu da rula. Gidan farko kwanan wata ne tare da sunan ranar, kamar "Asabar 8". Na biyu alama. Na uku lambar shafin da aka tsaya. Na huɗu dalili, kuma ba a cika shi sai ranar da ba a yi karatu ba, da kalma ɗaya ko biyu: baƙi, biki, zazzaɓi, ba wuta, gajiya.

Alamar iri uku ce, duka zagaye ne ɗan ƙarami. In ka karanta shafi biyar ko fiye, ka cike zagayen da biro. In shafi ɗaya kawai ka samu, ka cike rabinsa. In ba ka karanta komai ba, ka bar shi fanko. Mun rage goma zuwa biyar ne saboda biyar ba ta wuce kwata ɗin awa ga yawancinmu, ko da mai karatu a hankali ne. Shafi ɗayan nan kuwa shi ne ginshiƙin tsarin. Ba don yawan abin da za a koya a cikinsa muka sa shi ba, sai don hannu ya taɓa littafin ko a ranar da ta fi kowace wuya. Sau da yawa ma wanda ya buɗe da niyyar shafi ɗaya sai ya tsinci kansa a na huɗu.

Kowa kuma ya rubuta a saman shafinsa lokacin da zai yi karatun da wurin, kuma ya jingina shi da wani abu da ba ya tsallake shi, ba da agogo ba. Misali, "bayan sallar asuba, kafin shayi, a bakin ƙofa". Mun lura masu ajiye karatu sai dare su suka fi tara fanko, domin a garin nan ba a dogara da wuta, ga zafin watan Afrilu da ke sa mutum ya kwanta a galabaice.

Dokokin fashi guda biyu ne kacal. Ta farko, babu ramuwa. Mun saba da cewa abin da ya kuɓuce na farilla sai an rama, shi ya sa zuciya ke ɗaukar karatun nan ma kamar bashi. To ba farilla ba ne. Ranar da ta wuce ta wuce, ka ɗora daga shafin da ke rubuce a gida na uku. Ta biyu, washegarin fanko ba a neman shafi biyar, ɗaya ake nema. Burin ranar shi ne kada fanko biyu su jeru, in da hali. A ƙarshen wata kuma ba ma tambayar kwana nawa ka jera. Muna ƙirga zagaye nawa ne ke da tawada a ciki, cikakke ko rabi.

Bari mu ba ku misali da takardar wata 'yar'uwa mai ɗinki, ta watan Yunin 2024, da izininta. Cikin kwana 30, ta samu cikakken zagaye 19, rabi 5, fanko 6. Wato ta taɓa littafi kwana 24, ta karanta aƙalla shafi 100. Da tsohon tsarinmu ne, da sau huɗu za ta rubuta sifili a watan, kuma mafi tsawon jerin da ta yi kwana takwas ne. Mun tabbata da ba ta kai ƙarshen watan ba.

Amfanin gida na huɗu ya fito ne da muka zauna muka duba fankon nan shida. Biyu ranar Babbar Sallah ce, 16 ga wata, da washegarinta, waɗannan ba abin gyara a cikinsu. Sauran huɗun kuwa duk Asabar ne: 1, 8, 15 da 22, kuma kalmar da ta rubuta a gabansu ɗaya ce, "kasuwa". Ranar ce take shiga gari sayen yadi da zare, ta dawo da yamma liƙis. Ashe ba lalaci ba ne, lokacin karatun ne bai dace da ranar ba. Ta mayar da karatun Asabar zuwa safe kafin ta fita, ranar 29 sai ga zagaye a cike. Rabi biyar ɗin nan kuma duk a makon ɗinkin Sallah suka faɗo, lokacin da take kwana kan keke. Shafi ɗaya-ɗayan nan ne suka riƙe ta.

Daga nan muka samu hanyar gane inda matsala take. In fanko na faɗowa a rana guda kowane mako, a sauya lokaci. In rabi ya fi cikakke yawa wata biyu a jere, shafi biyar ta yi yawa, a mayar da ita uku. In kuma dalilin da ake ta rubutawa shi ne "ban ji sha'awa ba", to littafin ne, a ajiye shi a ɗauki wani, ba laifi. Ga mai farawa mukan ba da shawarar littafi mai gajerun labarai irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, saboda ana iya gama labari guda a zama ɗaya ko biyu.

Daga baya muka ga cewa masana ma sun duba wannan batu. Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar University College London sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi wani abu na ci, ko sha, ko motsa jiki da zai riƙa yi kullum. A sakamakon da suka wallafa a 2010, tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma ya bambanta daga kwana 18 har zuwa 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana guda bai yi wa sabon wata illa ta a-zo-a-gani ba. Sai dai a lura, ba a kan karatu suka yi binciken ba, kuma maganar rana guda suke yi, ba makonni ba.

Makonnin kuwa mun gan su da idonmu. Ranar Talata 10 ga Satumban 2024, bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri, kuma Galtimari na cikin unguwannin da abin ya shafa. Wasunmu sun fita da kayan jikinsu kawai. Littattafai sun jiƙe, takardun lissafin wasu sun bi ruwa. Ba wanda ya yi zancen karatu, kuma bai kamata a yi ba.

Da hankali ya fara kwanciya, muka ga dokokin nan biyu ba su isa ba. Wani ya buɗe littafinsa ya ga layi sama da ashirin ba komai, ya rufe. Don haka muka ƙara ta uku. In fashi ya wuce mako saboda rashin lafiya, rasuwa, tafiya ko wani iftila'i, ba a zana fanko ɗaya bayan ɗaya. A ja dogon layi guda a kan kwanakin duka, a rubuta dalilin sau ɗaya, a cire su daga lissafin watan. Sannan a koma farkon babin da aka tsaya a sake karanta shi, domin zaren labarin ya riga ya tsinke, kuma makon farko duka shafi ɗaya ake nema. Waɗanda littafinsu ya lalace muka ara musu daga waɗanda nasu ya tsira.

Ba duka muka dawo ba. Cikin mu goma sha ɗaya da ke riƙe da takarda kafin ruwan, takwas ne suka ci gaba, wasu bayan mako uku, wasu sai da aka kusa wata biyu. Sauran ukun ba mu cire sunansu ba, domin a tsarin nan babu ranar da ta yi latti.

Wanda ke son gwadawa, abin da yake buƙata littafin rubutu ne da biro da rula. Ba sai ya jira farkon wata ba, ya fara daga ranar da yake ciki. A taronmu na wata mai zuwa za mu zo da namu domin kowa ya gani da idonsa, har da fankon da ke ciki. Allah Ya amfanar da mu da abin da muke karantawa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.