An Taya Yarona Wuri Biyu

Wani abu ya faru a gidana watannin baya, na ga ya dace in ba ku labari, don kusan kowane gida a unguwar nan akwai matashi mai takarda a hannu yana jiran kira.

Ɗana na biyu ya karanta lissafin kuɗi, ya gama bautar ƙasa, ya yi wata takwas yana taya ni zama a shago. Ya nemi aiki wuri biyu. Ɗaya wani kamfani ne a Idu, cikin Abuja. Sun yi masa intabiyu sau biyu, sun ambaci naira 150,000 a wata, suka ce za su kira, sai shiru har mako uku. Ɗayan kuwa wani babban ɗan kasuwa ne mai sito a Suleja, yana neman mai riƙe masa littafi. Wata Litinin ya aiko da takarda: naira 95,000, a ba shi amsa ranar Juma'a. Ni ne na tsaya wa yaron a wurinsa, kuma mutumin yakan bi ni salla idan ya shigo unguwa.

Bayan isha'i yaron ya same ni a zaure, ya ce, "Baba, ni na Abuja nake so. In karɓi na Alhaji kawai, in sun kira ni in bari?"

Na ce masa a'a. Wanda ya riƙe littafin mutum ya san bashinsa da ribarsa, ba a miƙa wannan ga wanda ƙafarsa ɗaya ke waje. Kuma in ya tsere bayan wata guda, ni zan ci gaba da haɗa ido da Alhaji a masallaci.

Sai ya ce to zai gaya wa na Abuja an ba shi 140,000 a wani wuri, ko za su yi sauri. Nan ma na hana shi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: ka ce wa mai saye "an taya haka" alhali ba a taya ba. A fiƙihu akwai najashi, wato taya kaya ba don a saya ba, sai don kuɗin ya hau a kan mai saye na gaskiya, kuma an hana. Ƙirƙirar tayin da babu shi ɗan'uwansa ne. Ban da haka ma, suna iya cewa to Allah ya sa alheri, je ka karɓa, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Amma in an taya da gaske, faɗa wa wanda ya fara ciniki ba laifi ba ne, adalci ne ma. Mutum ya taya buhun shinkafa ya ce zai dawo, wani ya zo da kuɗi a hannu, ai kiran na farko nake yi in ce, "Ga wani ya zo, kana so ko in sallama?"

Abin da muka fara yi shi ne duba takardar Alhaji. Akwai albashi, akwai ranar fara aiki, akwai sa hannu. Da a ce da baki ya faɗa, da ban bari a je ko'ina da maganar ba, don "za mu ɗauke ka" ba tayi ba ne tukuna. Washegari da safe yaron ya je da kansa, ya yi godiya, ya nemi a ƙara masa kwana uku zuwa Litinin. Bai ɓoye dalili ba, ya ce akwai inda ya fara nema, yana so ya rufe can kafin ya amsa nan da zuciya ɗaya. Alhaji ya ɗan yi shiru, ya ce, "Litinin ɗin, amma kar ta wuce."

Daga nan ya rubuta wa jami'ar ɗaukar ma'aikata da ta yi masa intabiyu, ita kanta, ba adireshin kamfani da kowa ke turawa ba. Da Turanci ya rubuta, amma ga ma'anarsa: "Hajiya, ina godiya da ganawar da muka yi. An ba ni aiki a rubuce a wani wuri, kuma dole in ba da amsa ranar Litinin mai zuwa. Aikinku na fi so, shi ya sa nake sanar da ku kafin in amsa. Ko zan iya sanin matakin da ya rage, da ranar da kuke sa ran yanke shawara?"

Ku lura da abin da bai saka ba. Bai faɗi sunan Alhaji ba, bai faɗi albashin ba, bai ce "in ba ku kira ba na tafi" ba. Rana ya ba su, ya yi tambaya ɗaya. Ranar ita ce ƙashin bayan saƙon, domin in ka ce "nan ba da jimawa ba" ba ka ba su abin da za su kai wa ogansu ba. Kuma ranar Talata ya aika, suna da kwanakin aiki a gaba. Wanda ya bari sai jajibirin wa'adi, ko suna sonsa ba abin da za su iya.

Kafin amsa ta zo muka zauna da biro. Daga Gauraka zuwa Idu sai ya bi Madalla, ya bi Zuba, ya canja mota, ga cunkoson safiya da kowa ya sani. Mun ƙiyasta naira 3,000 zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki ya zama 66,000. Cire daga 150,000, saura 84,000, ba a sa abincin rana ba. Suleja kuwa 600 ta ishe shi a rana, wato 13,200 a wata, saura 81,800. Ashe tazarar 55,000 da yake gani a takarda ba ta kai 3,000 ba. Abin da Abuja ta fi shi ne fansho da damar ci gaba, kuma ban raina wannan a gabansa ba.

Na kuma gaya masa yadda zai auna amsar. In sun ba da rana, ko sun matso da ganawar ƙarshe, suna so. In sun ce "muna kan dubawa" kawai, amsa ce ita ma.

Ranar Alhamis ta kira shi. Ta ce yana cikin mutum uku da suka rage, amma sai an amince da kasafin sashen, kuma ba za a zauna ba sai ƙarshen wata. Ta ce ba za ta iya yi masa alkawari ba. Na ji daɗin gaskiyarta. Ya yi istihara, Litinin ya je ya sa hannu wurin Alhaji, ya kuma rubuta mata cewa ya janye, da godiya.

Mako biyar bayan haka suka kira, wai sun zaɓi wani bai zo ba, ko yana nan? Ina kallon fuskarsa lokacin da yake cewa ya riga ya ba da kalmarsa. Daren nan bai ci tuwo ba, uwarsa kuma kwana biyu ba ta sakar mini fuska ba. Ni kaina na yi ta juyi a kan shimfiɗa, ina tunanin ko na tauye shi don kare mutuncina. Har yau in tunanin ya zo ba na korarsa da sauri.

Abin da na sani shi ne matar ta ce ya riƙe lambarta, ya neme ta in ya cika shekara. Ya rubuta ranar a bangon littafinsa, ya kuma ce tun yanzu zai sanar da Alhaji wata guda kafin ya nema. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya buɗa wa yaranmu baki ɗaya.