Sai Alhamis: Yadda Abin Dariya Kan Girma a Wasa Mai Dogon Zango

Sanin kowa ne cewa labarin ban dariya ba ya jure maimaici. Wanda ya ba da shi yau aka yi dariya, in ya sake gobe sai a yi masa murmushin kara, in kuwa ya kuma jibi sai majalisa ta watse ta bar shi. Amma kuma ga wasannin kwaikwayo na rediyo da talabijin, inda ɗan wasa kan faɗi magana guda mako bayan mako, jama'a na ƙara sonta. Wannan saɓani shi ne ya daɗe yana damun wani malamin makaranta ɗan asalin Ɗanzomo, cikin ƙasar Sule Tankarkar, tun kafin samarin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Gumel su roƙe shi ya rubuta musu wasa mai kashi 13, wanda za su ɗauka su riƙa saki duk mako.

Abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi ne Samanja Mazan Fama, wasan da marigayi Usman Baba Pategi ya yi suna da shi a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna. Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma abin dariyarsa yana cikin bakinsa: tsawar bariki, da Hausar da aka cakuɗa da karyayyen Turanci, da ɗaukar kowace ƙaramar rigima kamar fagen daga. Malamin ya lura da cewa irin wannan maimaici ba ya neman komai daga mai sauraro. Wanda batirin rediyonsa ya mutu mako uku, in ya dawo zai tarar da Samanja yadda ya bar shi, ya yi dariyarsa cif. Haka kuma finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014: Ibro ne dai a kowane fim, amma Ibron wannan fim bai san abin da ya sami na wancan ba. Hali ne ke dawowa, labari kuwa sabo ake ɗaukowa.

Akwai kuma wani iri na biyu, wanda ya ƙara samun gindin zama tun da tashar Arewa24 ta soma aiki a 2014, aka shiga nuna wasanni masu ci gaba irin su Daɗin Kowa da Gidan Badamasi, mutane kuma suka sami damar komawa YouTube su kalli abin da ya wuce su. A nan marubuci yana iya binne wani abu a kashi na farko, ya tono shi a kashi na goma, yana mai dogara ga cewa mai kallo bai manta ba. Malamin ya kira na farkon sara, na biyun kuwa waiwaye. A ganinsa sara kamar kirari ce, tana sanar da isowar mutum. Waiwaye kuwa bashi ne marubuci ke ci a hannun mai kallo, kuma lalle ya biya da riba.

Da bashin ya gina wasansa. Ya ɗauki wani dillalin shanu mai cika baki, wanda kullum safiya yakan sha shayi da burodi a teburin wani mai shayi, ba ya biya. In an tambaye shi kuɗi sai ya gyara hula ya ce, “Sai Alhamis.” Mutumin ƙasar Gumel ba ya bukatar a yi masa bayani, domin ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, a bakin iyakar Nijar, ranar ce kuwa dillali ke samun la'adarsa. Watau maganar tana da hujja a karon farko, kuma wannan shi ne sharaɗin da malamin ya fi riƙewa. A kashi na 1 bai so kowa ya yi dariya ba. Dillali ya faɗi maganar cikin natsuwa, mai shayi ya yarda, ya ɗauki gawayi ya ja layi uku a jikin bango. Da an yi wa fitowar ado, an ɗaga murya ko an zare ido, da mai kallo ya gane ana yi masa tarko, tsuntsun da ya ga tarko kuwa ba ya sauka.

A kashi na 2 maganar ta dawo yadda take, sai dai layukan bango sun zama goma. A nan ne mai kallo ke fara zargi. A kashi na 4 aka faɗe ta ranar Alhamis ɗin kanta, da yamma, dillali ya dawo daga kasuwa aljihunsa a kumbure, aka tambaye shi, ya dubi sama ya ce ai ba wannan Alhamis ɗin yake nufi ba. Wannan shi ne karo na uku, kuma shi ne wurin dariya ta farko ta sosai. Ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniya. Gizo kan yi dabara sau ɗaya ta ci, ya sake ta ci, a na uku ƙasa ta tsage da shi. Karo na farko yana gabatarwa, na biyu yana kafa al'ada, sai an kafa ta kuma ake iya karya ta.

Daga nan ne rigima ta tashi, domin kashi na 4 ya karɓu ƙwarai. Yara a tasha suka ɗauki maganar, masu shago suka riƙa jifan masu cin bashi da ita. Yaron da ke fitowa a matsayin dillali, wanda a da ba a san shi ba, ya wayi gari ana kiransa da ita a hanya. Sai ya zo ya ce, “Malam, a sa mini ita a kowane kashi, ko sau biyu ma. Ita mutane ke jira.” Shugaban ƙungiya ya goyi bayansa, kuma ba a ce ba su da hujja ba, tun da yawan masu kallo shi ne abin da za su nuna wa ’yan kasuwar da suke fatan su ba su talla. Malamin ya ƙi. Ya ce musu abin da mutane ke jira shi ne ƙarfin wasan, ranar da suka daina jira kuwa an gama. Har ya nuna musu yadda ake gane sara ta fara mutuwa: jama'a kan riga ɗan wasa faɗinta amma ba dariya, shi kuma ɗan wasan ya shiga ƙara mata ƙarfin murya da murguɗe-murguɗen fuska don ya cike abin da ya ragu. Suka rabu ba a shirya ba, har yaron ya yi kwana biyu bai zo gwaji ba.

Abin da malamin ya yi shi ne ya fitar da maganar daga bakin mai ita. A kashi na 6 dillali ya buɗe baki zai faɗa, mai shayi ya ɗaga masa ludayi, ya juya ya ja layi da kansa. Ba a furta kalma ko ɗaya ba, mai kallo ne ya faɗe ta a ransa, kuma dariyar da mutum ya ƙarasa da kansa ta fi wadda aka ɗura masa daɗi. Kashi na 7 da na 8 da na 9 ba a taɓa zancen ba ko kaɗan, labari ya koma kan wata saniya da ta ɓata a hanyar Gagarawa. Sai dai duk sa'ad da aka nuna teburin shayi, bangon yana nan a baya, layuka suna ƙaruwa har sun kai bakin taga. A kashi na 10, ɗan dillali, yaro ɗan aji uku, malaminsu ya tambaye shi aikin gida, ya gyara hularsa daidai yadda ubansa ke yi, ya ba da amsar gado. A nan abin dariyar ya ɗauko wani nauyi, domin an nuna cewa halin ya fara yaɗuwa a gida, kuma uwar yaron da ta ji labari ba ta yi dariya ba.

Akwai wani ɓangare na aikin da ba a gani, wanda ya fi cin lokacinsa. Ba a ɗaukar wasa bi da bi. Duk fitowar da ta shafi teburin shayi, ta kashi 13 ɗin nan, a kwana biyu aka ɗauke ta, domin aron wurin aka yi. Saboda haka sai da ya zana jadawali a bayan littafinsa: lambar kashi, wanda ya faɗi maganar, wanda ya ji, abin da ya sāke game da ita, da adadin layukan da ya kamata a gani a bango. Gurbi na huɗu shi ne alƙali. In ya rasa abin da zai rubuta a ciki, sai ya soke fitowar, ko da kuwa tana da daɗi. Gurbi na biyar kuma saboda masu ƙidaya ne, don a kowane gari ba a rasa wanda zai tsayar da hoto ya ƙirga layuka, in ya ga na kashi na 8 sun kasa na kashi na 7 ya yi ta yayatawa.

Ya kuma yi tunanin wanda bai ga farkon wasan ba, domin waiwaye yana da wannan aibi na ware baƙo a bar shi yana kallon mutane suna dariya. Kusan irin abin da ke faruwa ne a wasan Barebari da Fulani, inda kalma guda kan isa a kwashe da dariya saboda tarihin da ke bayanta, wanda bai san tarihin ba kuwa ya ɗauka faɗa ake yi. Maganin da ya samo shi ne kowace fitowa ta tsaya da ƙafarta. Yaro mai kwaikwayon babba yana ƙin aikin gida abin dariya ne ko ga baƙo. Wanda ya san uban ne dai zai ci riba biyu.

Kashi na 13 shi ne ranar biya. Dillali ya ga wata yarinya yana so ya ƙara aure, da aka bincika sai ga shi waliyyinta ba kowa ba ne illa mai shayi. Duk wanda ya bi wasan ya san abin da zai faru: za a mayar masa da maganarsa. Shugaban ƙungiya ma haka ya so a rubuta. Malamin ya ga cewa abin da kowa ya hango tun daga nesa ba zai biya jiran mako goma sha uku ba, amma kuma in aka kauce masa gaba ɗaya an ci amanar mai kallo. Sai ya bi ta gefensa.

Dillali ya zo da goro da manyan kaya, ya durƙusa a gaban teburin da ya saba harɗewa a kansa. Mai shayi bai dube shi ba, yana ta juya shayi a kofi, bango cike da layuka a bayansa. Can ya ce, “Alhaji, yau wace rana ce?”

“Laraba ce, ranka ya daɗe.”

Malamin ya rubuta a gefen takarda cewa a nan a yi shiru na daƙiƙa biyar, kada a ji komai sai ƙarar cokali. Yaron da ke fitowa a dillali, wanda ya dawo gwaji tun a kashi na 6, shi ne ya ƙara wani abu daga kansa: ya kai hannu zai gyara hula, ya tuna, ya sauke hannun a hankali.

Mai shayi ya ajiye cokali ya ce, “To, ka dawo jibi. Goben nan taka ba ta taɓa zuwa teburin nan ba.”