Gaskiyar da Ta Makara

A darussan shari'a da na karanta, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wa'adin shigar da ƙara. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta Nijeriya, a sashe na 2, ta bai wa wanda jami'i ya cuta a bakin aikinsa wata uku kacal ya kai kuka kotu.

A ce direban wata ma'aikata, yana kan aiki, ya afka wa shagon wani tela ranar 10 ga Janairu. Tela yana da shaidu da hotuna, amma ya zaɓi lalama: yau takardar koke, gobe "a dawo mako mai zuwa". Bai je kotu ba sai Yuni. Alƙali ba zai saurari shaida ko ɗaya ba. Ranar aukuwar ɓarna zai duba, ya gwada da ranar shigar da ƙara, ya ga wa'adi ya cika tun Afrilu. Zaman sulhu ba ya tsayar da ƙidayar kwanaki. Sai dai in cutarwar mai ci gaba ce, nan lissafi yake farawa daga ranar da ta ƙare.

Na fahimci hikimar: shaidu suna mantuwa, takardu suna ɓacewa, kuma bai dace mutum ya dawwama cikin fargabar sammaci ba. Duk da haka, ina ganin wata uku ya yi wa talaka kaɗan, domin haƙurin da aka tarbiyyantar da shi a kai shi ne yake cinye masa haƙƙi.