Yadda Muka Rufe Asusun Baba a Shagamu

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar goro ce ta sha kaina. Yau ina so in ba ku labarin wata wasiƙa da na rubuta wa banki a madadin mahaifina, domin na san akwai irinmu da yawa a nan Kurmi waɗanda iyayenmu ba su yi boko ba, kuma duk wata takarda a hannunmu take faɗowa.

A ƙarshen shekarar 2024 Baba ya yanke shawarar komawa gida, bayan ya yi fiye da shekara talatin yana fataucin goro a Sabon Shagamu. Ƙafa ta fara ba shi matsala, ya ce ya bar mana rumfa ni da yayana. Yana da asusun ajiya da ya buɗe tun 2009, kuma bankin ba shi da reshe kusa da garinmu. Da ma tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na 2023, da aka ƙona wasu bankuna a nan Shagamu, ya buɗe wani asusun a bankin da ke da reshe a gida. Abin da ya rage a tsohon asusun naira 412,600 ne. Ga wani ba komai ba ne, amma ga Baba kuɗin rufin ɗakin da zai zauna ne.

Da farko cewa ya yi in cire kuɗin da kati kaɗan-kaɗan, a bar asusun ya mutu da kansa. Na ce, "Baba, asusu ba ya mutuwa da kansa." Idan an daina amfani da shi banki kan ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, amma lambar tana nan da sunansa. Mai bashin da ya tashi biya bayan wata shida zai tura kuɗi can, mu kuma ba mu sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne layin wayar da aka haɗa da asusun. Baba ba ya son riƙe layi biyu, kuma layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfanin waya kan sayar wa wani. Ranar da haka ta faru, saƙon bankin Baba a wayar baƙo zai riƙa sauka. Da ya ji wannan sai ya ce to, a rufe.

Kafin in taɓa biro sai da muka yi mako biyu muna kiran abokan cinikinsa na Kano da Gusau, muna ba su sabuwar lamba. Mun kuma sanar da mai riƙe musu adashe. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ba a rubutawa a wasiƙa.

Daga nan na tafi shagon da ake buga takardu da kwamfuta a bakin kasuwa. Yaron shagon ya saba da irin wannan aiki, yana da tsohuwar wasiƙar wani a cikin na'urarsa, sunaye kawai yake canzawa. Da ya buɗe ta sai na ga sunan mutumin, da lambar asusunsa, da BVN ɗinsa, da ranar haihuwarsa, duk a fili, ga mutane uku a bayana suna jiran layi. Ya juyo ya ce in kawo lambobin Baba, har da na jikin kati, wai don aikin ya fi sauri. A kusa da injin hoton takardu kuwa ga kwali cike da kofen da suka lalace. Ni na san inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa, domin na sha sayen tsire da ƙosai a naɗe cikin takardar da ke ɗauke da hoton fuskar wani da lambobinsa. Sai na ce masa na fasa.

Na dawo gida na sami farar takarda na rubuta da hannu. Bankin Baba ya karɓe ta a haka ba tare da wata magana ba. Da Turanci na rubuta, amma ga ma'anarta. A sama na sa adireshinmu da kwanan wata, sannan "Zuwa ga Manaja" da sunan reshen. Kan magana: neman rufe asusun ajiya da mayar da ragowar kuɗi. Sai na ce:

"Ni, wane ɗan wane, mai asusun ajiya mai lamba kaza a wannan reshe, ina neman a rufe asusun daga ranar da aka karɓi wannan takarda. Ina neman a tura duk abin da ya rage, bayan an cire cajin da ya wajaba, zuwa asusuna mai lamba kaza a banki kaza, mai ɗauke da sunana. Ina neman a soke katin cirar kuɗi, da tura kuɗi ta waya, da saƙonnin da ke haɗe da asusun. A ba ni bayanin asusu na ƙarshe da shaidar rufewa a rubuce."

Sai lambar waya, da suna, da wurin sa hannu. Iyakarta ke nan.

Mai karatu zai lura ban ce a tura naira 412,600 ba, cewa na yi duk abin da ya rage. Dalili kuwa, ranar rufewa banki zai cire kuɗin turawa da na saƙonnin da ba a riga an cire ba. Idan ka rubuta adadi daidai, kuɗin ba za su kai ba, sai a ce ka sake wata takardar. Haka kuma lambobi iri biyu kawai ke cikin wasiƙar: lambobin asusu masu alƙaluma goma, da lambar waya. Lambar asusu ba sirri ba ce, kullum muna ba masu sayen goro. Ban sa BVN ba, domin bankin yana da ita tun da aka haɗa ta da asusun. Ban sa NIN ba. Lambobin gaban kati, da ukun nan na bayansa, da lambar sirri kuwa, babu fom ɗin rufe asusu da ke buƙatarsu. Wasiƙa hannu da yawa take bi kafin ta kai fayil, daga tebur zuwa tebur, don haka duk abin da ba dole ba ne gara kada ya shiga.

Kofen katin shaida dole ne, wannan ba makawa. Na je da kaina na tsaya a kan injin, na ce guda biyu nake so. Na farko ya fito da duhu, yaron zai jefa shi kwali na ce ya miƙo mini, na biya kuɗinsa. A kan kofen da za mu bayar na ja layi biyu a karkace, ba tare da na rufe hoto ko lamba ba, na rubuta cewa don rufe asusu a banki kaza ne kawai, da kwanan wata. Wanda ya tsinci irin wannan kofe zai sha wuya kafin ya kai shi wani wuri. Ita ma wasiƙar na yi mata kofe ɗaya. Ban ɗauki hoton komai na tura wa kowa ta waya ba.

Duk da wannan shiri sai da muka yi tuntuɓe biyu. Na farko a sabon asusun ne. Na tura naira 1,000 daga nawa don gwaji, sunan Baba ya fito daidai, kuɗi suka shiga, na ɗauka an gama. Allah ya taimake mu na bi ta sabon bankin na yi tambaya. Ashe asusun matakin farko ne, irin wanda ake buɗewa cikin sauri ba tare da cikakkun takardu ba, kuma a lokacin ba ya ɗaukar fiye da naira 50,000 a shiga ɗaya, ba ya riƙe fiye da 300,000 gaba ɗaya. Da mun rufe tsohon a ranar, da kuɗin sun maƙale ko sun koma inda aka riga aka rufe. Sai da muka kai NIN da hoto da takardar wutar lantarki aka ɗaga matakin, muka jira kwanaki aka tabbatar da adireshi.

Na biyu a sa hannu ne. Na raka Baba da kansa, domin ɗa ba ya rufe asusun uba ko da shi ya rubuta wasiƙar. Ya sa hannu a gaban ma'aikaciyar, ta duba na'ura ta girgiza kai, ta ce bai yi daidai ba. Baba ya fara ɗaukar zafi, yana cewa shekara goma sha biyar yana shigowa nan. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ko da ajami aka sa a wancan lokacin?" Ya yi shiru, sannan ya yi dariya. A 2009 da ajami ya rubuta sunansa, daga baya ne muka koya masa wani zane na boko. Ya sake sawa da ajami, aka haɗa da hoton yatsa, magana ta wuce. Sun ba mu fom ɗinsu muka cike a nan kan tebur, aka liƙa shi da wasiƙar.

Ba mu tashi ba sai da aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kofenmu. Wannan hatimi shi ne hujjarka idan magana ta tashi, kuma daga ranar ake fara lissafi: idan ka kai wa banki ƙorafi bai warware ba cikin mako biyu, kana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Katin kuma a gabanmu aka datse shi da almakashi, ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya.

Bayan kwana uku kuɗi suka shiga. Na zauna da biro na bi lissafin. Daga 412,600 an cire naira 53 da kwabo 75 na turawa, da naira 32 na saƙonni takwas a kan naira huɗu-huɗu, kamar yadda farashin yake a lokacin. Abin da aka tura 412,514 da kwabo 25. Sabon bankin ya cire naira 50 ta harajin gwamnati. Ba a karɓi ko sisi da sunan kuɗin rufewa ba. Na koma na karɓo bayanin ƙarshe mai nuna sifili, sannan na gwada tura naira 100 zuwa tsohuwar lambar, ta ƙi tafiya. A nan ne hankalina ya kwanta.

Ana saura kwana biyu Baba ya tafi, wani ya kira shi da Hausa tatacciya, ya gaishe shi da Alhaji, ya ce daga banki ne, akwai sauran kuɗinsa da suka maƙale, ya karanto lambar da za ta shigo wayarsa yanzu. Irin wannan kira yana zuwa wa kowa, mai asusu da marar asusu. Baba ya ce masa, "Yaro, ni takardata mai hatimi tana aljihuna, in akwai saura zan zo da ƙafata." Ya kashe wayar.

Takardun yanzu suna cikin jakar fatar da yake ajiye rasiɗan goro, can gida. Kofen da ya fito da duhu kuwa, a murhun Inna ya ƙare. Wanda iyayensa ke shirin komawa gida, ya fara duba sabon asusun kafin ya taɓa tsohon. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.