Maganaɗisun da Ba Ya Kasuwa: Riba da Tsadar Injin Motar Lantarki

Kamfanin Tesla ya ɗauki sunansa daga Nikola Tesla, mutumin da ya yi rajistar injin indakshan a 1888, kuma da irin wannan injin ya fitar da Model S a 2012. Amma da aka zo kan Model 3 a 2017, motar da ake so ta yi araha ta kuma yi doguwar tafiya da caji ɗaya, sai kamfanin ya sa mata injin maganaɗisu na dindindin a ƙafafun baya. Toyota ta riga ta bi wannan hanya tun 1997 a Prius, Nissan ma ta bi ta a Leaf a 2010. Dalilin da ya ja su guda ne, kuma daga cikinsa ne babbar matsalar injin ta fito.

Kowane injin lantarki na irin wannan yana da ɓangare biyu. Akwai sitata, wadda ke tsaye cik da naɗin wayar tagulla a jikinta, akwai kuma rota, wadda ke juyawa a tsakiya. Idan aka ba sitata wuta mai layi uku, sai ta haifar da filin maganaɗisu mai kewayawa, rota kuma ta bi shi. Bambancin injunan biyu yana ga inda rota ke samun nata maganaɗisun. A injin indakshan, wanda shi ne ke juya yawancin injunan niƙa da famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da lantarki, rota sandunan alminiyam ne ko tagulla kawai a cikin ƙarfe. Filin sitata ne ke ratsa sandunan ya tayar da kwararar wuta a cikinsu, wannan kwarara ita ce ke mayar da rota maganaɗisu. Hakan ba ya yiwuwa sai rota ta ɗan yi baya da filin. Shi ya sa injin da filinsa ke kewayawa sau 1,500 a minti za a ga an rubuta wajen 1,450 a farantin da ke jikinsa. Wannan ratar ta kusan kashi uku cikin ɗari tana da tsada: daidai wannan kason na ƙarfin da ya tsallaka zuwa rota ne ke zama zafi a cikinta, a wurin da ya fi ko'ina wuyar sanyayawa. Ban da haka, dole sitata ta riƙa jan wata kwarara ta daban wadda aikinta kawai ta kafa filin, ko da kaya a kan injin ko babu.

Injin maganaɗisu na dindindin ya kuɓuta daga duka biyun. An dasa wa rotarsa maganaɗisun niyodimiyam da ƙarfe da boron, irin wanda kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka ƙirƙiro, kowa daban, a farkon shekarun 1980. Filin yana nan kyauta, ba a biyan kuɗinsa daga batir. Rota tana juyawa kafaɗa da kafaɗa da filin sitata, ba ta yin zafi sosai, kuma kusan duk wutar da aka ba injin tana tafiya ne wajen samar da ƙarfin murɗi. Sakamakon shi ne injin ya fi ƙanƙanta da sauƙin nauyi a ƙarfi iri ɗaya, inbatar da ke ciyar da shi ma ba ta buƙatar girma sosai. Ribar ta fi fitowa a tafiyar cikin gari, inda gudu kaɗan ne kuma ana yawan tsayawa da tashi. 'Yan maki kaɗan na inganci ba su da yawa a ido, amma a motar da batir ya fi kowane sashe nata tsada, suna nufin ƙarin kilomitoci ko ragin batir. Akwai abin da ake biya, ba shakka. Mafi yawan waɗannan maganaɗisai daga Sin suke fitowa, kuma tashin gwauron zabin da farashin niyodimiyam ya yi a 2011 ya girgiza masu ƙera injuna.

Sai dai tsadar da ta fi muhimmanci ba a kasuwa take ba, tana cikin injin kansa. Maganaɗisu mai juyawa kusa da naɗin waya janareta ne, ko an so ko ba a so. Yayin da rota ke juyawa, tana haifar da wani matsin lantarki a cikin wayoyin sitata wanda ke ja-in-ja da wanda inbata ke turawa. Wannan matsin martani yana ƙaruwa daidai da gudu: a ninka gudu, shi ma ya ninku. Batir kuwa matsinsa yana da iyaka. Saboda haka akwai wani gudu da idan aka kai shi, inbata ta riga ta ba da duk matsin da take da shi, ba ta da sauran abin da za ta tura cikakkiyar kwarara da shi. Wannan shi ake kira gudun tushe. Ƙasa da shi, injin yana ba da cikakken murɗinsa. Sama da shi, sai an yi dabara.

Lissafi zai fi bayyana lamarin. A ɗauki injin misali mai ƙafafun maganaɗisu takwas, wato tagwaye huɗu, da batir mai bolt 400. Mafi girman matsin da inbata za ta iya bai wa kowane layi shi ne 400/√3, wato wajen bolt 231. A ce maganaɗisun yana ba da ψ = 0.08 Wb, naɗin wayar yana da L = 0.25 mH, inbata kuma ba ta wuce amfiya 400. Masu tsara injuna suna raba kwararar sitata gida biyu: iq, wadda ke gicciye da maganaɗisu kuma ita ke samar da murɗi, da id, wadda ke kan layi ɗaya da shi, tana iya ƙarfafa shi ko ta yi masa adawa. Idan aka ajiye juriyar waya a gefe, iyakar matsin ita ce:

```
ω · √[(ψ + L·id)² + (L·iq)²] ≤ 231 V
T = 1.5 · 4 · ψ · iq
```

Idan aka zuba dukan amfiya 400 a iq, murɗin zai zama nyuton-mita 192, kuma iyakar matsin za ta cika a kusan juyi 4,300 a minti. Gudun tushen wannan injin ke nan. Ko da babu kaya ko kaɗan, matsin martanin maganaɗisu shi kaɗai zai cinye bolt 231 ɗin a kusan juyi 6,900. Motar da ke da giya ɗaya tak, kamar yawancin motocin lantarki, tana buƙatar injinta ya wuce haka nesa idan ta hau babbar hanya.

A nan ne raunana fili ke shigowa. Tunda ba a iya rage wa maganaɗisu ƙarfi, sai inbata ta tura id ta kishiyar fuska, yadda sitata za ta kafa nata filin da zai danne wani ɓangare na filin rota. A juyi 12,000, matsin martanin da ba a danne ba zai kai bolt 402 a kowane layi, alhali 231 ake da shi. Jimillar filin da aka yarda da shi a wannan gudun bai wuce 0.046 Wb ba. Domin a sauko daga 0.08 zuwa nan, dole id ta kai amfiya 136 ta kishiyar fuska, kuma wannan kafin a nemi murɗi ko na ƙwayar zarra. Direban da ya ɗage ƙafa yana gangara da wannan gudun bai san cewa amfiya 136 na kewaya wayoyin injinsa suna zafafa su ba, don kawai a riƙe linzami. Idan kuma ya taka har ƙasa, mafi kyawun rabo shi ne id ta zama amfiya 320, iq ta zama 184, abin da ke ba da murɗi kusan 88 da ƙarfi kusan kilowat 110. Murɗin ya faɗi ƙasa da rabi, amma da yake gudun ya kusa ninkawa uku, ƙarfin bai ragu ba.

Adadin nan 320 ba haka kawai ya faɗo ba. Shi ne ψ/L, kwararar da ke soke filin maganaɗisun gaba ɗaya. Idan ya yi ƙasa da iyakar inbata, kamar yadda yake a nan, to lantarki ba zai hana injin ƙara gudu ba, sai dai ƙarfin rota da boris su yanke hukunci. Idan ya fi iyakar inbata, akwai gudun da ba za a taɓa wucewa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa injunan mota ke binne maganaɗisunsu a cikin ƙarfen rota maimakon manna shi a bayanta: binnewar tana ɗaga L, tana riƙe maganaɗisun kada gudu ya wurgar da shi, tana kuma ƙara wani murɗi daga siffar ƙarfen kansa.

Injin indakshan bai san wannan wahala ba. Filinsa aro ne daga sitata, don haka raunana shi rage kwarara ne kawai, kuma idan aka yanke masa wuta filin ya mutu cikin ƙiftawar ido. Yana da tasa iyakar, domin mafi girman murɗin da zai iya bayarwa yana faɗuwa da sauri fiye da yadda gudu ke hawa. Duk da haka, a doguwar tafiya mai gudu da kaya kaɗan, ratar ingancin da ke tsakanin injunan biyu tana tsukewa ƙwarai. Model 3 mai inji biyu ta raba gardamar: maganaɗisu a baya, indakshan a gaba, inda za a iya barinsa yana juyawa ba wuta ba tare da ya ja motar baya sosai ba.

Wurin da abin ya fi haɗari shi ne ranar da inbata ta katse ana tsakiyar gudu. A injin misalin nan, a juyi 12,000, da zarar id ta ɓace matsin da ke tsakanin layi da layi zai nufi bolt 696, alhali batirin 400 ne. Dayod-dayod ɗin inbata za su buɗe da kansu, injin ya rikiɗe janareta marar mai iko, motar ta ja wani birkin da direba bai taka ba. Idan kuma makunnin batir ya buɗe a daidai lokacin, wutar ba ta da inda za ta sai kafasito ɗin inbata, wanda zai iya ƙonewa nan take. Maganin da aka saba yana da ban mamaki a ji na farko: inbata tana haɗa layukan uku da juna da gangan. Kwararar da ke biyo baya tana daidaita a kusa da ψ/L, wato amfiya 320 ɗin nan, birkin da take ja a babban gudu kuma kaɗan ne. Amma a daƙiƙar farko tana iya zabura zuwa kusan ninki biyu, kuma idan maganaɗisun yana da zafi, wannan zaburar na iya kashe wani ɓangare na ƙarfinsa har abada. Domin kauce wa haka ne ake cuɗa masa disfurosiyam, wani ma'adini mai tsada da ke ƙara masa juriyar zafi.

Ana gane injin da wannan ya same shi ta hanya mai sauƙi. Yana jan amfiya fiye da da kafin ya ba da murɗi iri ɗaya, yana kuma saurin zafi. Tabbacin shi ne a cire wayoyinsa daga inbata, a juya shi da wani inji a gudun da aka sani, a auna matsin da ke fitowa. Injin misalin nan, yana sanyi, ya kamata ya nuna ƙololuwar bolt 33.5 a kowane layi a juyi 1,000. Idan ya nuna 30, kusan kashi goma na maganaɗisun ya tafi, kuma sake naɗa waya ba zai dawo da shi ba.